Talata: wa za a mayar daga ƙofa?

Yau da yamma, bayan la'asar, na koyar da 'yan sabon aji jadawalin gaskiya, wato jadawalin da ke nuna inda magana take gaskiya da inda take ƙarya, a cibiyarmu ta koyon kwamfuta da ke Mabera. Babu wuta, sai muka koma ga allo da alli, kuma hakan ya fi mini, domin darasin nan da hannu ake fahimtarsa.

Na fara da dokar shiga ɗakin kwamfuta: sai mai katin shaida, wanda kuma ya biya kuɗin wata. Muka sa wa “yana da kati” suna p, “ya biya” kuma q. Kowace magana gaskiya ce ko ƙarya, 1 ko 0. Sai na tambaye su, to wa mai gadi zai mayar daga ƙofa? Kusan duk ajin suka ce wanda ba shi da kati kuma bai biya ba, wato `not p and not q`. Amsar tana da daɗin ji, amma ba ita ba ce. Ban gaya musu ba, na ce mu zana jadawali ya raba gardama.

Tambayar farko ita ce sahu nawa za a yi. Kowace magana tana ninka yawan sahu sau biyu, don haka magana 2 na ba da sahu 4. A ƙarƙashin p muka rubuta 1, 1, 0, 0, a ƙarƙashin q kuma 1, 0, 1, 0. Ina matsa musu sosai a kan wannan tsari. Wanda ya cika yadda ya ga dama yakan maimaita sahu ɗaya ya tsallake wani, kuma sau da yawa wanda ya tsallake shi ne mai tona kuskuren. Daga nan muka ba kowane guntu na maganar layinsa na tsaye, na cikin baka kafin na waje.

```
p q | p and q | not (p and q) | not p and not q
1 1 |    1    |       0       |        0
1 0 |    0    |       1       |        0
0 1 |    0    |       1       |        0
0 0 |    0    |       1       |        1
```

Wanda za a mayar shi ne duk wanda dokar shiga ba ta cika a kansa ba, wato `not (p and q)`. Muka jera shi da amsar ajin. Sahun farko sun yarda, na ƙarshe ma haka, amma a biyun tsakiya sun saɓa. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta nuna sahu na biyu ta ce, “Malam, wanga ai yana da kati amma bai biya ba, kuma amsarmu ta ce kada a mayar da shi.” Wallahi na ji daɗin wannan magana, domin ba lambobi kawai ta duba ba, ta ga mutumin da ke tsaye bakin ƙofa. Sahu ɗaya tak ya isa ya nuna maganganu biyu ba ɗaya ba ne.

Gyaran shi ne `not p or not q`: rashin ɗaya daga cikin biyun ya isa a mayar da mutum. Suka cika layinsa da kansu, ya fito 0, 1, 1, 1, daidai da wanda muke nema. Wani ya tsaya a sahun ƙarshe yana son sa 0, wai ai duka biyun ne babu. Na nuna masa cewa `or` na ba da 0 ne kawai idan ɓangarorinsa biyu ƙarya ne, a nan kuwa duka gaskiya ne. Wannan musanya ita ce dokar Augustus De Morgan, masanin lissafi ɗan Birtaniya da ya rasu a 1871: idan `not` ya shiga cikin baka, `and` ya koma `or`.

Na kuma ja kunnensu game da bakan kansa. A Python, harshen da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, ana fara aiki da `not` kafin `and`, saboda haka wanda ya rubuta `not p and q` ya kore p ne kaɗai. A sahun 0 0 zai samu 0, ya bar wanda ba kati ba biya ya wuce, kuma kwamfuta ba za ta yi ƙorafi ba.

Aikin gida: a ƙara r, “ya zo kan lokaci”. Sahu 8 ke nan, p huɗu-huɗu, q biyu-biyu, r ɗaya-ɗaya. Idan jadawalin ya yi daidai, sahu 1 ne kawai zai shiga, 7 za a mayar. Wani ya tambaya idan maganganun sun kai 10 fa. Na ce sahu 1024, a nan sai a rubuta wa kwamfuta ta cika. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu za mu gwada hakan da waɗannan ukun, mu kwatanta da abin da suka zana a littafi.