Layukan da muke nema a fayil ɗin majinyaci bayan tafinta

Aikinmu tura tafintoci asibitocin Yola da kewaye, kuma ƙa'idarmu ita ce tafinta ba ya barin ɗakin likita sai an rubuta a fayil cewa ta bakinsa aka yi magana. Likita ko nas ne ke rubutawa, tafinta kuma ya cika tasa takardar aiki: kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, sunansa, da ko gaba da gaba aka yi ko ta waya. Idan ɗan uwa ne ya fassara, a rubuta dangantakarsa da dalilin da ya sa. Miji yakan sassauta maganar ciwon matarsa, yaro kuma kunya kan hana shi faɗin wasu kalmomi.

Harshe a rubuta shi da karinsa. "Fulfulde" kawai bai isa ba, domin Fulatancin Adamawa ya sha bamban da na Sakkwato, kamar yadda wanda ya karanta Larabci a makaranta zai iya kasa bin Larabcin Shuwa. Wannan layin ne zai sa a kira tafintan da ya dace ranar dawowa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne layin fahimta, wato inda ake rubuta ko majinyaciya ta gane bayanin likita. Sai ka ga an rubuta "ta gane", alhali kai kawai ta gyaɗa, kuma a nan gyaɗa wa likita kai ladabi ne. Abin da muke so shi ne likita ya ce ta maimaita da bakinta yadda za ta yi a gida, tafinta ya mayar da amsar yadda ta fito, kada ya gyara mata.

Ɗauki uwar da aka rubuta wa ɗanta maganin ruwa, mililita 5 sau uku a rana, kwana biyar. Aka tambaye ta, ta ce cokali ɗaya. Wane cokali? Ta nuna da hannu, ashe babban cokalin cin abinci take nufi, wanda kan kai mililita 15, ninki uku ke nan. Sai a sa mata alama a jikin sirinji ko murfin awo, ta zuba ruwa a gaban nas. Da Turanci ake cika fayil, amma ga ma'anar abin da ya kamata ya shiga: "An yi bayani da Fulatancin Adamawa ta bakin tafinta, gaba da gaba. Da farko ta ce babban cokali. An sake bayani da sirinji. Ta auna mililita 5 daidai, ta ce safe, rana da dare har kwana biyar."

Kada a share kuskuren farko don fayil ya yi kyau. Shi ne zai sa mai ba da magani ya sake nuna mata awon. A takardar amincewa da tiyata kuwa, kusa da inda majinyaci ya dangwala yatsa, tafinta ma ya rubuta suna da harshe ya sa hannu.