Laraba, Kura: lissafin kwata

Yau ban leƙa gona ba sai bayan la'asar, saboda ƙanena ya zo da takardar albashinsa ta kamfanin casar shinkafar da yake aiki. Da awa ake biyansu, naira 600. Ya ce, "Yaya, duba mini, kullum sai in ga kamar kuɗin ba su cika ba."

Abin da na fara lura da shi, duk lokutan da ke takardar sun faɗa daidai kan kwata: 8:00, 5:00, jefi-jefi 8:15. Wane mutum ne zai riƙa dangwala yatsa a na'urar rubuta lokacin shiga da tashi daga aiki daidai ƙarfe takwas wata guda cur? Ashe na'urar ce ke jan kowane lokaci zuwa kwatar da ta fi kusa. Minti 1 zuwa 7 bayan kwata a mayar da shi baya, minti 8 zuwa 14 a tura shi gaba. A takarda adalci ne, yau ka ci riba, gobe ka yi asara. Ko a Amurka, inda dokar ƙwadago ta yarda da wannan tsari, sharaɗinta shi ne idan an tara kwanaki kada ma'aikaci ya tashi da asara.

To amma a wurinsu an toshe ɓangaren ribar. Wanda ya dangwala 8:05 ya kamata ya ci minti biyar, sai dai duk wanda ya wuce takwas ana rubuta masa makara, a yanki kuɗinsa. Don haka kowa sammako yake yi. Shi yakan dangwala 7:53, nan take ya hau jidar buhuna, na'ura ta rubuta 8:00. Minti bakwai sun tafi. Da yamma injin na tsayawa ƙarfe biyar, sai share dusa da kulle sito, ya dangwala 5:06, a rubuta 5:00. Da zai kai 5:08 da an ba shi 5:15, amma shugaban leburori ba ya barin kowa ya kai haka, wai ba a amince da ƙarin lokaci ba.

Muka zauna kan tabarma muka buga. Minti 13 a rana, kowane minti naira 10, wato 130. A kwana 26 minti 338 ke nan, awa biyar da minti 38, naira 3,380. Fiye da rabin yinin aiki kyauta duk wata, kuma ba wanda ya sa hannu a aljihunsa.

Na ce daga gobe ya riƙa rubuta ainihin lokacin da na'urar ta nuna a ɗan littafi, safe da yamma, abokan aikinsa ma su yi. Ƙarshen wata a jera da takardar albashi, a ƙirga sau nawa kwatar ta ƙara musu, sau nawa ta rage. Na'urar tana ajiye lokacin gaskiya a cikinta, sai su roƙi akawu ya fitar musu da shi.

Taki bai iso ba har yanzu. Gobe sai kasuwa.