Ranar da aka ce na mayar da aji kasuwar Kurmi

Har yau in na wuce ta gaban ajin nan sai na ji kunya ta sake kama ni, duk da an fi shekara. Turanci nake koyarwa a wata makarantar gwamnati ta maza a Kano, aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 94 ne a rajista, uku-uku a benci wani bencin ma huɗu, ragowar suna ƙasa a gaban allo. Firiyod minti 40 ne. Wata rana na zauna na yi lissafi, in zan bi su ɗaya bayan ɗaya kowa ya yi magana, ko da ni ban ce uffan ba, kowane yaro sakan 25 zai samu. Kuma ai ba haka ake yi ba, yara biyar ne ko shida ke ɗaga hannu kullum, sauran sun iya amshi ne kawai, in na faɗi jimla su maimaita da ƙarfi kamar ginin zai faɗo, amma ka tare yaro shi kaɗai ka tambaye shi ina gidansu da Turanci sai ya hau sosa ƙeya.

To shi ne na ce bari in gwada abun da aka koya mana a kwaleji, aikin rukuni. Kuma na yi shi da gadara wallahi, ban shawarci kowa ba. Na ce su kasu goma-goma, na rubuta a allo su tattauna muhimmancin tsafta, minti goma sha biyar. Jan benci kaɗai ya ci minti bakwai, ana ture-ture kowa na neman abokinsa. Da suka zauna kuma sai na ga a kowane rukuni yaro ɗaya ne ke ta zuba, biyu na kallonsa, sauran suna hirar ƙwallo da Hausa. Ni kuma babban abun da ya kashe ni, ban shirya da su yanda za a tsaya ba. Na yi ihu, na buga dasta a tebur, babu mai ji na don muryata ta zama ɗaya daga cikin 95. Ina cikin haka sai ga mataimakin firinsifal a bakin ƙofa da bulala, ajin ya yi tsit lokaci guda, ya dube ni a gaban yaran ya ce “Malam, aji ne wannan ko kasuwar Kurmi?” Yaran suka ƙunshe dariya. Aka ce kar in sake, kuma sati uku ban sake ba, na koma faɗi-a-maimaita ina jin haushin kowa.

Gaskiya da farko shi na ɗora wa laifi, na ce mutumin nan bai san koyarwar zamani ba. Yanzu ma ina ganin da ya kira ni gefe ya fi. Amma malamin lissafi da ke ajin kusa da ni yana da hakki, silin ɗinmu ya zube tuntuni, duk abun da aka faɗa a nan ana ji a can. Kuma ni ne na ba yara aikin da ba shi da ƙarshe. Me yaro zai ce a kan muhimmancin tsafta wanda na kusa da shi bai sani ba? Babu dalilin tambaya, babu dalilin saurare, to dole su koma hira.

Da na dawo, kwana biyu ban koyar da magana ba sam, alamar tsayawa kawai muka yi ta gwadawa. In na ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya yi shiru shima ya ɗaga, ya taɓa na kusa da shi. Na ce su yi surutu da gangan, in ɗaga hannu ina ƙirga da agogon waya. Ranar farko sakan 40 suka ɗauka, kafin sati ya ƙare an dawo ƙasa da goma. Da na yi wannan tun farko da ba a kira ni ɗan kasuwa ba.

Sannan na haramta jan benci kwata-kwata. Abokin maganarka shi ne wanda kuke zaune tare. In ku uku ne, na ukun shi ne mai kunne, aikinsa ya saurara ya faɗi abun da ya ji, daga baya a juya.

Aikin da ya fara yi min kyau na saye da sayarwa ne, kuma ba ko kwabo na kashe ba. Sai da muka yi minti goma muna koyon jimla uku a allo, yanda ake tambayar kuɗin abu, yanda ake amsawa, da yanda za ka ce a maimaita maka in ba ka ji ba, na kira yaro ɗaya muka gwada a gaba kowa ya gani. Sai na ce masu saye su kifa kai a benci, na rubuta kaya biyar da kuɗinsu, biredi, sabulu, biro, mudun gari, ashana, masu shago suka kwafa a takarda suka rufe da hannu, na goge. Masu saye suka ɗago, kowa yana da naira 2,000 ta ƙarya, dole ya tambayi kuɗin kowane abu ya rubuta ya faɗi canjinsa. Minti uku. Na ɗaga hannu, aka juya da sabon farashi. Kai, abun da ya ba ni mamaki, wani yaro da ke zama ƙasa kusa da ƙofa, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, na same shi yana ciniki da Turanci wai sai an rage masa sabulu. Jimlar a karye take amma tashi ce, ba ni na ba shi ba. Na wuce kamar ban ji ba don na san in na tsaya a kansa zai haɗiye.

Gyara ma na daina yi a wurin. Bibbiyu shida ko bakwai kawai nake iya saurare a firiyod, sai in riƙe kuskure biyu da suka fi yawo, kamar cakuɗa sha biyar da hamsin da suke yi saboda a Turanci sun kusa kama a baki, in rubuta a allo ba suna, mu gyara tare.

Rukuni kuwa sai bayan wata guda na koma masa, kuma ba goma ba, bencin gaba ya juyo ya fuskanci na baya, shida kenan. Kowa da lambarsa daga 1 zuwa 6, kuma ba sa sanin lambar da zan kira ta yi bayani sai a ƙarshe, shi ya sa gwanin rukunin dole ya koya wa sauran maimakon ya cinye maganar. Tambayar ma sai mai hukunci, misali an ba ajinku kuɗin gyara abu ɗaya, fanka ko benci ko allo, ku zaɓa ku kawo dalili biyu. Hausa tana shiga, ban hana ba in shawara suke yi, amma bayanin ƙarshe da Turanci.

Ƙara dai tana nan, mutum 47 ba za su yi magana lokaci guda a ce shiru ba ko da na ce kowa ya yi kamar sirri yake faɗa. Yanzu nakan leƙa in gaya wa malamin lissafi cewa minti shida ne, in yana gwaji mu fita gindin darbejiya. Mataimakin ya sake wucewa rannan ana tsakiyar ciniki, ya tsaya, gabana ya faɗi, na ɗaga hannu aji ya mutu a sakan takwas. Bai ce komai ba, ya gyara hula ya wuce, ni kuma da na so ko sannu ce ya ce.