Laraba: layi na 214

Wuta ta zo tun asuba, sai na ce yau dai a gama da rajistar matan ƙungiyar Hajiya. Sunaye sun haura 600 a Excel, shafin rajistar kuma mutum ɗaya-ɗaya yake karɓa: suna, lambar waya, jiha, ƙaramar hukuma, a danna Submit, a sake daga farko. Na tambayi masu shafin ko akwai inda ake loda fayil gaba ɗaya, suka ce babu, amma ba su hana a sa kwamfuta ta cike ba. Shi ne na rubuta ɗan furogiram da Python da Selenium mai sarrafa burauza, yana karanta layi, ya buɗe Chrome, ya zuba kowane bayani a gurbinsa, ya tura.

Kafin in kunna shi sai da na yi shara. Excel ya cinye sifilin farko na lambobin waya, 0803 ta koma 803, lamba 10 maimakon 11, sai `zfill(11)` ta mayar da shi. Ƙananan hukumomi ne suka fi cin rai. Wata ta rubuta D/Tofa, a fom kuwa Dawakin Tofa ne, kuma `select_by_visible_text`, wadda ke zaɓo suna daga jerin fom ɗin, ba ta san kara ba, harafi ɗaya ya bambanta sai ta tsaya. Haka na bi 44 ɗin nan na Kano ina daidaita rubutunsu. Jerin nasu ma ba ya fitowa sai an zaɓi jiha an ɗan jira.

Har azahar abin na tafiya gwanin sha'awa. Auta ta kawo ɗanwake ta tsaya tana kallon fom na cike kansa, tana ta dariya.

A layi na 214 sabis ya ɗauke, daidai bayan an danna Submit. Shafin ya yi ta juyawa, saƙon nasara bai fito ba. Ga yadda na tsara wurin:

```python
d.find_element(By.ID, "submit").click()
try:
    WebDriverWait(d, 30).until(EC.url_contains("success"))
    ws.cell(i, 8).value = "ya shiga"
except TimeoutException:
    ws.cell(i, 8).value = "a duba"
wb.save("mambobi.xlsx")
```

Wato bayan kowane layi yana rubuta sakamako a gefe ya adana nan take, don ko wuta ta ɗauke in san inda aka tsaya. Idan an sake kunna shi, layin da gefensa yake fayau kaɗai yake taɓawa.

Yaya ya shigo ya leƙa, ya ce, "Kai kuma meye na 'a duba'? Sa shi ya sake turawa mana, ai amfanin inji ke nan."

Na ce, "Yaya, ban san ko ya shiga ba. Rashin amsa ba ya nufin bai je ba. Mai yiwuwa bayanin ya isa can an ajiye, amsar ce ta maƙale a hanyar dawowa. In na sake turawa, matar nan ta zama mutum biyu."

Ya ce to sai me, ai gara biyu da babu. Nan ne muka saɓa. Na ce masa shi yana kallon layi ne, ni kuwa na san yadda ake tace irin wannan rajistar: aka ga lambar waya ɗaya sau biyu, wani ma'aikacin ba zai tsaya bincike ba, zai ɗauka maguɗi ne ya soke duka. Ita tana can ƙauye ba ta san an yi ba, sai ranar rabo a ce babu sunanta. Da matsalar kafin dannawa ta faru, misali gurbin bai buɗe ba, sai a maimaita ko sau nawa, babu abin da ya tafi. Amma bayan dannawa, sai mutum ya duba da idonsa.

Ya ɗaga kafaɗa ya ce ina da wahalar da kai, ya fita masallaci.

Da sabis ya dawo na shiga jerin waɗanda aka yi wa rajista na nemi lambarta. Tana ciki. Na sauya gefen layin da hannu zuwa "ya shiga", na rufe Excel, domin in fayil ɗin yana buɗe `wb.save` ƙi take yi, sannan na ci gaba.

Zuwa magariba an gama, layuka 9 ne suka faɗa "a duba". Shida sun shiga, uku ba su shiga ba, na tura su da hannu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne bara wani yaro aka biya ya yi musu irin wannan aikin, kuma Hajiya ta taɓa ce min mata da dama ba a ga sunansu ba, har aka yi ta zargin juna a ƙungiya. Ban ce abin da ya faru ke nan ba. Gobe dai zan roƙe ta tsohon fayil ɗin, in tana da shi.