Kalma ɗaya ta Faransanci da ta ci mini albashi

Ƙarshen watan nan zan bar ofishin Alhaji bayan shekara shida ina riƙe da littafin kuɗi. Yaron da zai gaje ni ya ce in rubuta masa abin da zai kiyaye. Lissafin wake da kuɗin mota zai koya cikin mako biyu, don haka zancen asusunmu na Birnin Konni kawai zan yi masa.

Duk wanda ke sayo kaya daga Nijar ya san dalilin ajiye asusun sefa a can. Matsalar ita ce takardun bankin duk da Faransanci suke zuwa, ni kuwa abin da na sani bai wuce gaisuwa ba. A takardar bayanin asusu ta ƙarshen Maris na ga layi ɗaya: AGIOS, 93 333, harajinsa kuma a layin ƙasa. Ba mu sayi komai ba, ba mu tura wa kowa ba. Na zauna na tsara wasiƙa da Turancin da nake taƙama da shi, shafi guda cur, na ce kuɗi ne da ba mu sani ba, ba mu amince ba, a mayar nan take.

Bayan mako guda amsa ta zo da Faransanci, sakin layi uku. Na bi ta ina tsintar kalmomin da suka yi kama da Turanci, har idona ya faɗa kan "délai de 30 jours". Na ce to, delay ke nan, suna ba da haƙuri za a yi jinkirin kwana 30. Haka na faɗa wa manaja, na saka takardar a fayil, na zauna jira.

Ashe délai wa'adi ne, kuma ni aka ba. Wasiƙar cewa take muna da kwana 30 daga ranar takardar bayanin asusu mu kawo ƙorafi tare da hujja, in ya wuce a ɗauka mun yarda da lissafin, kamar yadda yake a yarjejeniyar da Alhaji ya sa wa hannu ranar buɗe asusun. Rabin wa'adin ma ya riga ya tafi kafin amsar ta iso. Sai tsakiyar Mayu na sake rubutu, da zafi wannan karon. Amsar layi biyu ce, kuma wani direbanmu ɗan Tawa ne ya karanta mini ita a tsaye a bakin sito. Da ya gama ya ce, “Malam, ai sun ce ka makara.”

Washegari na bi motar Illela na tsallaka. Ma'aikacin da ke kula da asusunmu, wanda na yi wata biyu ina jifa da Turanci yana rama mini da Faransanci, Bahaushe ne kamar ni. Ya kira ni Mushe, wato Malam a Faransancinsu, ya ce, “Da ka bugo mini waya ai da mun gama tun ran nan.” Kunya ta hana ni amsawa.

Shi ya fayyace mini agios: kuɗin ruwa da lada da banki ke cira idan asusu ya shiga bashi, kuma nasu a ƙarshen kowane wata uku suke tattarawa su cire. Na ce asusunmu bai taɓa shiga bashi ba. Sai ya bugo wata takarda, échelle d'intérêts, wadda ke nuna abin da ke cikin asusu rana bayan rana. A nan na koyi abin da ya fi komai amfani. Kowace shiga da fita tana da rana biyu: ranar da aka yi abin, da date de valeur, ranar da banki ke fara ƙirga kuɗin a matsayin naka. Ran 6 ga Fabrairu muna da sefa miliyan 3, muka zuba cek na wani banki na miliyan 22, a ranar kuma muka biya dillalin wake miliyan 23. A littafina saura miliyan 2. A wurin banki kuwa, kuɗin da ya fita ya fita a ranar, cek bai zama kuɗi ba tukuna, saboda haka miliyan 20 suke bin mu har ranar da cek ɗin ya nuna.

Ruwan asusun kashi 12 cikin ɗari ne a shekara, kuma shekararsu kwana 360 ce. Cek ɗin ya kamata ya nuna ran 10 ga wata, kwana 4 ke nan: miliyan 20 sau 12 cikin ɗari, sau 4, a raba da 360, ya ba da 26,667. Amma a takardar an buga 20 ga wata maimakon 10. Kwana 14 a wannan lissafin shi ne 93,333 ɗin da na gani. Wato 26,667 haƙƙinsu ne, sauran 66,666 kuskuren yatsa. Wasiƙata ta farko da ta ce a mayar da duka ba ta da ƙafar tsayawa, shi ya sa suka ba ta amsar gama-gari.

Alhaji bai damu da yawan kuɗin ba kamar yadda ya damu da sunansa. Ya ce, “Ni da ban taɓa cin bashin banki ba, yau ni ka biyan ruwa?” Manaja kuwa, wanda shi ya matsa a biya dillalin a ranar duk da na ce a bari cek ya kwana biyu, ya ce sakacin akawu ne. Aka canza kuɗin zuwa naira aka zare daga albashina cikin wata biyu. Maganar wa'adi laifina ce, na ɗauka. Shiga bashin ba ni na jawo ba, kuma kowa a ofis ya sani.

Wasiƙa ta uku ma da Turanci na rubuta ta, don shi zan iya karewa in an tambaye ni. Layi shida ce kawai: lambar asusu, ranar da aka cire kuɗin, sunan cirewar kamar yadda yake a takardarsu ba tare da na fassara ba, adadin, lissafin kwana 4 da na kwana 14, sai buƙata ɗaya, a gyara ranar cek a yi extourne na 66,666, wato a mayar. Na haɗa da kwafin rasit ɗin zuba cek mai hatiminsu. Wani malamin Faransanci a nan Sakkwato ya fassara ta a bayan shafin, na kai da hannuna, aka buga wa kwafina hatimi da kwanan wata. Tunda wa'adi ya wuce, roƙo ne nake yi, amma lambobin ba su bar musu wurin musu ba.

Sauran darussan gajeru ne. Takardar banki da Faransanci, ranar da ta zo a nemi mai karanta ta duka, musamman inda aka ga lamba kusa da jours. Waya da Hausa tana fahimtar da kai, amma takarda mai hatimi ce ke tsayar da wa'adi. Waƙafi a lambobinsu ɗigo ne a namu. Kada a taɓa kuɗin cek sai an tambayi ranar da zai nuna.

A watan Agusta kuɗin suka dawo asusun Alhaji, 66 666, har da harajin da ya hau kansu. Ni na shigar da su littafi da hannuna, na kai wa manaja ya sa hannu. Ya duba, ya ce madalla, ya miƙo mini littafin. Har yau albashina bai ji labari ba.