Layi biyu na farko

Yau mu uku ne a ɗan ofishinmu na rubutu da fassara a Kano, amma aikin farko da na samu a Upwork, dandalin intanet da masu ba da aiki ke haɗuwa da masu nema, na dala 30 ne, lokacin shafina fayau, ko tauraro ɗaya babu.

Kafin shi na tura takardun neman aiki sun kai goma sha biyar, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kowacce da gaisuwa nake buɗe ta, sai digirina, sai rantsuwar cewa ni mai ƙwazo ne. Connects ɗina, wato makin da ake kashewa wajen tura kowace takarda, suna ta ƙarewa, ga shi da kuɗi ake ƙaro su. Sai da na fara ɗaukar marubuta da kaina na gane inda gizo ke saƙar: a jerin masu nema, layi biyu na farko kawai mai ba da aiki yake gani. Nawa kuwa gaisuwa ta cinye su.

A aikin dala 30 ɗin, wata mata ce mai sayar da sabulun man kaɗe take son bayanin kaya guda goma, kowane kalma 80. Na leƙa shagonta na intanet, na tarar duk sabulan bayani iri ɗaya aka maƙala musu. Da wannan na buɗe. Da Turanci na rubuta, ga ma'anarsa:

"Sabulanki goma duk bayaninsu ɗaya, mai saye ba zai bambance na zuma da na lemun tsami ba. Na rubuta wa na zuman sabo, yana ƙasa. In ya yi miki, zan kawo biyu gobe ki duba salon, sauran bakwai cikin kwana uku. Man da kike amfani da shi tatacce ne ko ɗanye?"

Tambayar ce ta yi aiki. Ɗanyen man kaɗe yana da ƙamshinsa mai ɗan hayaƙi, tataccen kuwa fari ne, kusan ba ƙamshi, don haka ba a tallata su da kalmomi ɗaya. Ni da na tashi ina ganin kakata tana shafa shi lokacin hunturu, ba sai na yi bincike ba. Tambayar ce matar ta fara amsawa, sannan muka yi maganar aiki.

Ban ambaci cewa ni sabo ne ba, shafina ya riga ya faɗa. Ban kuma karya farashi ba. Dala 30 ta sa, 30 na nema, don wanda ya ce 10 shi ake zargi da kwafo rubutun wani.

Samfurin minti ashirin ya ci mini. Na taɓa zaƙewa na rubuta wa wani rabin aikinsa kyauta, ya yi godiya ya ɓace. Tun daga nan yarana sun san dokar ofis: sakin layi ɗaya, kuma sai an ga Payment method verified a jikin tallan, wato alamar an tabbatar da hanyar biyan kuɗin mai ba da aikin.