Abin da Ummi ta gani a tsakar gida

Ƙaramin shago nake da shi a Tudun Wadar Kaduna, mu uku ne da masu buga rubutu. Marubuta na kawo mana littafi mu tace, mu tsara shafuka, mu kai maɗaba'a. Gyaran ɗauri da ƙa'idar rubutu ba ya ba ni wuya. Inda nake daɗewa shi ne wurin da aka ce yaro ne ke kallon abin da manya ke ɓoyewa.

Wata marubuciya daga Rigasa ta kawo labari, a ciki akwai Ummi 'yar shekara 6, ranar da aka saki uwarta. Ta rubuta: "Ummi ta lura Mama na cikin ƙuncin mutuwar aurenta." Na ja layi da jan biro, na ce, "Malama, wa ya gaya wa Ummi?" Ta ce, "Ai Malam, so nake mai karatu ya gane." Zai gane, amma ba daga bakin yarinyar ba.

Muka sake shi jimla-jimla, muna barin abin da idonta ko kunnenta ya kai kawai. Gwaggo ta sauka daga keke da sassafe, ko gaisuwar Ummi ba ta amsa ba. Ana sauke kwanukan ɗakin Mama ana ɗaurewa a zani. Mama ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido, alhali ba a hura wuta ba. Da Ummi ta ɗaga labule sai kowa ya yi shiru, Gwaggo ta miƙa mata naira 200 ta ce ta sayo magi, ga shi kuwa cike da gwangwani. Akwai wata takarda a ninke da Mama ta ƙulle a gefen zaninta, inda take ƙulle kuɗi.

Sai abin da yawancin marubuta ke mantawa: yaro ba ya zama da duhun kai, yakan yi tasa fassarar. Ummi ba ta taɓa ganin an sauke kwanuka ba sai da biki, don haka ta tambayi Gwaggo ko za a yi mata lalle. Gwaggo ta kau da kai. Wannan tambayar ce ke karya zuciyar mai karatu, kuma ko sau ɗaya ba a ambaci saki ba.

Shekaru ma sai an kula. 'Yar shekara 10 da ta tashi a gidan yawa ta san abin da takardar nan take nufi. Ka sa ta tambayi lalle, ta zama sakarya. Haka in alamun sun yi yawa. Malamar ta so ƙara inda Baba ya fita yana faɗa da ƙarfi, na ce ta bar shi, don da Ummi ta ji wannan, zancen biki ya ƙare. Ta ɗan yi gardama, daga baya ta cire da kanta.